Taransifoma mai naɗi ɗaya da mai naɗi biyu: nawa ake tsira da shi na jan ƙarfe, me kuma ake rasawa?

Tambaya: "Ina koyon aikin naɗin taransifoma ne. An kawo mana aikin wani inji mai cin bolt 200, lodinsa kVA 12, wutar wurin kuma bolt 240 ce. Maigidana ya ce ototaransifoma za mu naɗa saboda ba ta cin waya. Ta yaya naɗi ɗaya zai yi aikin biyu? Nawa ake ragewa na jan ƙarfe? In kuma tana da sauƙi haka, me ya hana a daina yin mai naɗi biyu gaba ɗaya?"

Ƙanena, a wannan aikin maigidanka ya yi daidai, kuma lissafi zai nuna maka haka da idonka. Amma ina so ka fahimci dalilin da ya sa ya yi daidai, domin ranar da aka kawo muku wani aikin mai kama da wannan a ido, sai dai lambobinsa sun bambanta, shawarar nan ɗaya tana iya kashe mutum.

Mu fara da wadda ka saba da ita. A taransifoma mai naɗi biyu, naɗin shiga daban, naɗin fita daban, babu wayar da ta haɗa su. Abin da ya haɗa su kawai shi ne maganaɗisun da ke zagaye cikin fallayen ƙarfen tsakiya. Saboda haka duk wutar da lodi zai ci, dole sai ta bi ta ƙarfen nan: naɗin shiga ya mayar da ita maganaɗisu, naɗin fita ya sake mayar da ita wuta. Idan lodi kVA 12 ne, naɗin shiga na kVA 12 za ka yi, naɗin fita ma na kVA 12, ƙarfen tsakiya kuma ya zama mai iya ɗaukar hakan.

A ototaransifoma waya ɗaya ce ake naɗawa tun daga farko har ƙarshe. Bolt 240 na shiga ta bakinta biyu, sai a fitar da reshe daga wani wuri a jikin naɗin, inda boltej ya kai 200 idan aka auna daga bakin ƙasa. Lodi yana tsakanin reshen nan da bakin ƙasa. Reshen ya raba naɗin gida biyu. Daga bakin ƙasa zuwa reshe, wannan sashen tarayya ne, domin ɓangaren shiga da na fita duk suna amfani da shi. Daga reshe zuwa bakin sama kuma, sashen sama ke nan, wanda bolt 40 kaɗai ke kansa.

Yanzu ka duba karant. Lodin kVA 12 a bolt 200 yana jan amfiya 60. Daga layin bolt 240 kuma amfiya 50 ne ke shigowa, idan muka ajiye ɗan karant ɗin da ƙarfen tsakiya ke ci a gefe. Amfiya 50 ɗin nan suna bi ta sashen sama su iso reshe, daga nan su wuce kai tsaye zuwa lodi. Lodi yana son 60, ya samu 50 ta waya, saura 10. Goman nan ne sashen tarayya ke bayarwa, suna hawowa daga ƙasa zuwa reshe su haɗu da 50 ɗin. Wato sashen tarayya, wanda shi ne mafi yawan zagaye, bambancin karant ɗin fita da na shiga kaɗai yake ɗauka. A nan duk rangwamen yake.

Bari mu mayar da shi kilo. Nauyin jan ƙarfen naɗi ya dogara da abu biyu: tsawon waya, wanda ke bin yawan zagaye, da kaurinta, wanda ke bin karant. Don haka idan ka ninka yawan zagaye da amfiya, ka samu ma'aunin jan ƙarfen da naɗin zai ci. A ce ƙarfen tsakiyar da kuke da shi yana ba da bolt 2 a kowane zagaye.

Mai naɗi biyu tana buƙatar zagaye 120 a naɗin shiga, masu ɗaukar amfiya 50, wato 6,000. Naɗin fita zagaye 100 masu ɗaukar amfiya 60, shi ma 6,000. Jimla 12,000.

Mai naɗi ɗaya kuma zagaye 120 ne gaba ɗaya, reshe a zagaye na 100. Sashen sama zagaye 20 masu ɗaukar amfiya 50, wato 1,000. Sashen tarayya zagaye 100 masu ɗaukar amfiya 10, shi ma 1,000. Jimla 2,000.

Kashi ɗaya cikin shida ke nan. Idan ka ɗauka kowace milimita murabba'i ta waya za ta ɗauki amfiya 3, kuma matsakaicin tsawon zagaye rabin mita ne, mai naɗi biyu za ta ci kusan kilo 18 na jan ƙarfe, mai naɗi ɗaya kusan kilo 3. Wayar sashen sama za ta kai kaurin milimita murabba'i 17, ta sashen tarayya kuwa uku da 'yan kai sun isa. Ka riƙe wannan siririyar wayar a ranka, za mu dawo kanta.

Ba sai ka yi wannan dogon lissafin kowane lokaci ba. Ka raba ƙaramin boltej da babba, ka kira abin da ka samu k, sauran kuma ya biyo baya:

```
k = V2 / V1
W(auto) = (1 − k) × W(2)
```

V2 shi ne ƙaramin boltej, V1 babba, W(auto) nauyin jan ƙarfen mai naɗi ɗaya, W(2) kuma na mai naɗi biyu. A aikinku k shi ne 200 a raba da 240, wato biyar bisa shida, ko 0.83. Abin da ake tsira da shi shi ne k ɗin kansa, kashi 83 cikin ɗari. Ko rage wuta ake yi ko ƙara ta, dokar ɗaya ce, muddin ƙaramin boltej ka sa a sama.

Akwai wata fuskar da na fi so a kalli abin ta ita, domin ita ce ke bayyana komai. Sashen sama yana da bolt 40 da amfiya 50, wato kVA 2. Sashen tarayya yana da bolt 200 da amfiya 10, shi ma kVA 2. To ka ga ashe ototaransifomar taku ba komai ba ce illa taransifoma mai naɗi biyu ta kVA 2, mai bolt 200 da 40, wadda aka ɗaure bakin naɗinta ɗaya da na ɗayan. Cikin kVA 12 da lodi ke ci, 2 kaɗai ke bi ta maganaɗisu. Sauran 10 ta waya suke wucewa, ba ruwansu da ƙarfen tsakiya. Da za ka samu tsohuwar taransifoma mai 200 da 40 ta kVA 2 ka haɗa ta haka, za ta ɗauki lodin nan na kVA 12 ba tare da wani naɗinta ya wuce ƙarfinsa ba. Sharaɗi biyu ne kawai: ka haɗa bakunan ta yadda boltej ɗin naɗin biyu zai taru, ba ya rage juna ba, kuma ka tabbata rufin naɗin bolt 40 ɗin zai jure bolt 240 tsakaninsa da jikin ƙarfe, tunda yanzu a can sama yake zaune.

Daga wannan fuskar za ka gane wani abin da littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kai ba. Lissafin kashi 83 ya ɗauka cewa ƙarfen tsakiya bai canja ba. Amma mai hankali ba zai ɗora kilo 3 na waya a kan ƙarfen kVA 12 ba, tagar ƙarfen za ta zauna kusan fayau. Ƙarfen kVA 2 zai ɗauko. Ƙaramin ƙarfe kuwa bolt kaɗan yake bayarwa a kowane zagaye, don haka zagaye zai ƙaru, ko da yake kowane zagaye ya gajarce. Ƙarshenta rangwamen yana rabuwa tsakanin jan ƙarfe da baƙin ƙarfe. A ƙiyasin da masu zane ke amfani da shi, nauyin taransifoma ba ya raguwa daidai wa daida da kVA, ya fi shi jinkiri, ta yadda mai kVA 2 takan kai wajen rubu'in nauyin mai kVA 12. Saboda haka in kun gama naɗi ka ga wayar da kuka ci ta wuce kilo 3, kada ka ce lissafi ya yi ƙarya, ka duba ƙarfen da kuka rage.

Asarar wuta ma haka take bi. A ce ƙaramar taransifomar nan tana zubar da wat 100 a matsayin zafi idan tana cike da lodi. A aikinta na kVA 2, kusan kashi 5 cikin ɗari ke nan. A haɗin ototaransifoma wat 100 ɗin ne dai, amma yanzu a kan kVA 12, wato ƙasa da kashi 1. Ga sauƙin nauyi, ga ƙarancin zafi, ga boltej ɗin fita ba ya faɗuwa sosai idan lodi ya hau.

Amma duk wannan alheri a kan k yake rataye. Daga 240 zuwa 120, k rabi ne, rabin jan ƙarfe za ka tsira da shi. Daga 240 zuwa 24, k ya zama 0.1, kashi 10 kacal. Daga bolt 11,000 zuwa 415, bai kai kashi 4 ba. Wannan shi ne rabin farko na dalilin da ya sa mai naɗi biyu ba za ta taɓa ɓacewa ba: idan tazarar boltej ta yi nisa, babu wani abin kirki da za a rage. Rabi na biyu ya fi nauyi.

Babban aibin naɗin tarayya shi ne ɓangaren fita a ɗaure yake da layin shiga, waya da waya. A mai naɗi biyu, bolt 24 da ke fitowa bolt 24 ne nasu na kansu, ba su san layin 240 ba, kana iya barin su ba a haɗe da komai ba ko ka haɗa gefe ɗaya da ƙasa yadda ka ga dama. A mai naɗi ɗaya ba ka da wannan zaɓin. Muddin bakin ƙasa na naɗin yana kan nutural, abin yana tafiya lafiya. Amma a ce mai haɗa wuta ya juya wayoyin, ko filogi ya shiga a juye, layif ya koma bakin ƙasa. A ototaransifoma mai 240 zuwa 24, mita za ta ci gaba da nuna maka bolt 24 tsakanin wayoyin fita biyu, fitila za ta kama, injin zai yi aiki, babu alamar komai. Alhali waya ɗaya tana da bolt 240 tsakaninta da ƙasa, ɗayar kuma 216. Mutumin da aka gaya wa cewa wutar nan ƙarama ce zai kama ta da hannu yana tsaye a kan ƙasa mai danshi. Abin da ke tayar mini da hankali a wannan matsalar shi ne ba ta da ƙara, ba ta da wari, ba ta ƙona fiyus, kuma gwajin da kowa ya saba yi, wato auna tsakanin wayoyin fita, ba ya nuna ta. Sai ka auna kowace waya da ƙasa za ka gan ta.

Shi ya sa ƙa'idojin haɗa wuta a gine-gine na IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin lantarki, suka shar'anta cewa ƙaramar wutar da ake dogara da ƙanƙantarta don kare rai, in daga taransifoma za ta fito, sai mai raba naɗi da rufi na musamman a tsakani. Fitilar hannu da ake shiga da ita cikin tanki ko tukunyar ƙarfe, wutar madannan da ma'aikaci ke taɓawa, cajar batir da hannu ke kai wa ga bakunanta, duk waɗannan ba wurin ototaransifoma ba ne, ko da kyauta aka ba ka ita.

A aikinku wannan aibin bai yi tsanani ba, kuma ga dalili: injin bolt 200 tun asali ana ɗaukarsa mai wutar kisa, rufinsa da wayar ƙasarsa an yi su don haka. Ba wanda zai kama wayarsa da hannu don an ce 200 ce ba 240 ba. Duk da haka ku sa alama a bakunan shiga, a san na layif da na nutural, kuma wayar ƙasa ta wuce daga shiga zuwa fita, a ɗaure ta da jikin akwatin.

Sai mu koma kan siririyar wayar nan ta sashen tarayya. A mai naɗi biyu, idan waya ta tsinke a kowane naɗi, wuta ta ɗauke a fita, shi ke nan, lodi ya tsaya. A mai naɗi ɗaya, idan sashen tarayya ya tsinke, ko kusoshin bakinsa na ƙasa suka kwance, hanyar da ke tsakanin layif da lodi tana nan a haɗe ta sashen sama. Abin da ke riƙe boltej ɗin reshe a 200 shi ne sashen tarayya, kuma ya tafi. Idan babu lodi ko lodin ƙarami ne, bolt 240 cif za su bayyana a fita. Idan lodin babba ne, sashen sama zai zama kamar cok a kan hanya, ya cinye wani abu daga boltej ɗin, ƙarfen tsakiya ya cika da maganaɗisu har ya ƙoshi, taransifomar ta kama kuka da zafi. A taku, zagaye 20 ba za su iya riƙe wani abin kirki ba, don haka injin zai ga kusan duka 240, ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Zai iya jurewa na ɗan lokaci. A mai 240 zuwa 120 kuwa, ƙananan kayan lantarki ninki biyu za su gani, kuma da wuya su kai minti ɗaya. Abin lura shi ne, a taku, sashen da tsinkewarsa ke jawo wannan shi ne mai wayar da ta fi kowace siranta a cikin na'urar.

Daga nan dokokin aiki suke fitowa da kansu. Ba a sa fiyus ko makunni a kan ƙafar sashen tarayya, domin duk abin da zai buɗe ta ya yi aikin tsinkewa. Fiyus ko bireka a kan layif na shiga yake zama. Haɗin bakin ƙasa da haɗin reshe su ne za ka fi ba kulawa: a matse su da kan waya na kirki, a ɗaure da kusa mai wosha, kada a bar siririyar waya tana lilo inda girgiza za ta karya ta. Ni da zan naɗa, sai in ƙara wa wayar sashen tarayya kauri kaɗan fiye da abin da lissafi ya ce, tunda an riga an tsira da kilo masu yawa, ba a nan ya kamata a yi ƙwauro ba. Alamar wannan lalacewa a wurin aiki kuma a bayyane take: boltej ɗin fita ya yi daidai da na shiga idan an cire lodi, kuma idan ka kashe wuta ka auna da mita tsakanin reshe da bakin ƙasa, ba ka samun hanya.

Aibi na uku shi ne wanda ya shafi aikinku kai tsaye, kuma shi ne masu naɗi suka fi mantawa da shi, domin yana ƙaruwa ne daidai inda rangwamen ya fi daɗi. Kowace taransifoma tana da turjiyar cikinta, wadda ake rubutawa a farantin jikinta da kaso cikin ɗari. Ita ce ke rage boltej kaɗan idan lodi ya hau, kuma ita ce ke taƙaita karant idan wayoyin fita suka haɗe, wato aka yi shot. Mai naɗi biyu da ke da turjiyar kashi 5 za ta bar karant ya kai ninki 20 na ƙa'idarta lokacin shot. A lodin amfiya 60, amfiya 1,200 ke nan.

To ɗauko ƙaramar nan ta kVA 2, ita ma a ce kashi 5 gare ta. Kashi 5 na bolt 40 bolt 2 ne. Da aka haɗa ta a matsayin ototaransifoma, bolt 2 ɗin nan ne dai ke faɗuwa a cikinta, amma yanzu ana auna su da 240, sai suka zama kashi 0.83. Turjiyar ma ta ragu da (1 − k), kamar yadda jan ƙarfe ya ragu. Idan aka yi shot a fita, reshe ya haɗe da bakin ƙasa, bolt 240 gaba ɗaya sun sauka a kan zagaye 20 da aka naɗa don bolt 40. A lissafi karant zai iya kaiwa ninki 120, wato amfiya 7,200 a fita. A zahiri wayoyin layi da taransifomar da ke ciyar da wurin za su rage shi sosai, amma ma'anar ita ce ototaransifomar kanta kusan ba ta tare komai. Ƙarfin da ke fizgar wayoyin naɗi kuma yana bin karant ninke da kansa: karant ya ninka sau 6, fizga ta ninka sau 36. Wannan ne ke sa ka buɗe wadda ta sha shot ka tarar da zagayen sun goce daga layinsu, wasu sun hau kan wasu, rufin ya yage, tun kafin zafi ya samu lokacin ƙona su.

Don haka birekar da ke bayan ototaransifoma, a zaɓe ta kamar babu taransifoma a tsakani, a duba ƙarfin katse shot da aka rubuta a jikinta, ba amfiyarta kaɗai ba. Naɗin kuma a ɗaure shi tam, a cusa katako ko fiba a inda ya rage sarari, a jiƙa shi da banish a gasa. Sashen sama da na tarayya a shimfiɗa su tsawonsu ɗaya a kan ƙarfen, kada a tara zagaye 20 ɗin nan a gefe guda, domin rashin daidaiton tsawo shi ke haifar da fizgar da ke tura naɗi sama ko ƙasa.

Idan ka haɗa waɗannan, za ka ga yadda k ke rarraba haɗarin. Yayin da k ya kusanci 1, rangwame babba ne, tsinkewar sashen tarayya ba ta ɗaga boltej da yawa, rashin rabuwar naɗi bai canja wani abu sosai ba tunda ɓangarorin biyu kusan ajinsu ɗaya, abin tsoro shi ne shot. Yayin da k ya yi ƙasa, shot ya yi sauƙi, amma rangwamen ya ƙare, kuma babbar wuta tana tsaye a bakin ƙofar ƙarama. Shi ya sa a ƙananan ayyuka ba a cika wuce ninki biyu tsakanin shiga da fita ba.

A manyan tashoshin layin wuta ana kaiwa wajen ninki uku, domin a can ko kashi 30 na jan ƙarfe da ƙarfe tan-tan ne, kuma nauyin da za a iya ɗauka a kan hanya yana da iyaka. Masu haɗa layin kilobolt 400 da 275, ko 330 da 132, galibi ototaransifoma ne. A 330 da 132, k 0.4 ne. Amma can ma ana biyan farashin naɗin tarayya. Fes ukun a haɗin sita suke, da nutural ɗaya na ɓangarorin biyu, wanda yawanci ake kai shi ƙasa kai tsaye, don kada matsalar ƙasa a babban layi ta ɗaga boltej ɗin ƙaramin. Ba za ka iya ba kowane ɓangare irin nasa tsarin haɗin ƙasa ba, kuma ba ka samun juyin kusurwar da haɗin dalta da sita ke bayarwa. Tsawar da ta sauka a layi ɗaya tana da hanyar waya zuwa ɗayan, don haka ake sa masu kama tsawa a ɓangarorin biyu. Sau da yawa kuma ana ƙara naɗi na uku daban, a haɗin dalta, don ya daidaita nutural. Inda aka sauko zuwa wutar da ke shiga gidaje kuwa, mai naɗi biyu ce, saboda a nan ana son sabon nutural da katanga tsakanin dubban bolt da hannun mutane.

Sauran wuraren da za ka haɗu da ita duk suna bin wannan ma'aunin. Yawancin sitabilaiza ototaransifoma ce mai rassa da yawa, tana ƙara ko rage bolt kaɗan. Mai juyawa ta teburin gwaji, wadda gawayi ke yawo a kan naɗinta, ita ma haka, kuma ko ka juya ta zuwa bolt 10 ba ta raba ka da layi ba. Akwai kuma ta tayar da manyan motocin lantarki masu fes uku, mai rassa a kashi 50, 65 da 80: a reshen 65 motar tana jan kashi 65 na karant ɗin tashinta, amma layi kashi 42 kawai yake gani.

In an kawo maka wadda ba ka san irinta ba, kada ka dogara da rubutun jikin akwati. Cire ta daga wuta, ka sa mita a ma'aunin om tsakanin bakin shiga ɗaya da bakin fita ɗaya. Idan ka samu hanya, ƙasa da om ɗaya ko 'yan om kaɗan, naɗi ɗaya ne, ko kuma mai naɗi biyu ce da aka ɗaure bakunanta ko rufinta ya fashe, kuma a duka ukun babu rabuwa. Mai naɗi biyu lafiyayya ba ta nuna hanya ko kaɗan, kuma idan ka sa mata mega ta bolt 500 tsakanin naɗin biyu, miliyoyin om za ka karanta. Nauyi ma yana tona asiri: akwatin da aka rubuta wa kVA mai yawa amma ka ɗaga shi da hannu ɗaya, ka zarge shi.

Game da injin naku, kafin ku fara naɗi ka tambayi mai shi abu biyu. Na farko, ko takardar injin ta ce sai an raba shi da layi, ko tana son a haɗa wani gefe na wutarsa da ƙasa ta wata hanya dabam. In haka ne, mai naɗi biyu za ku yi, a ci kilo 18 ɗin. Na biyu, ko akwai babbar mota a cikinsa, domin karant ɗin tashinta zai bi ta zagaye 20 ɗin nan da kuma siririyar wayar, sai a ƙara musu kauri gwargwadon haka. In babu ɗaya daga cikin biyun, ku naɗa ototaransifomar, ku fitar da ƙarin reshe a wajen bolt 190 da 210 saboda wutar layi ba ta tsayawa a 240 daidai, kuma kafin a haɗa injin ku auna kowane bakin fita da ƙasa: ɗaya ya nuna kusan sifili, ɗayan 200.